"Ni me na ce?" Ƙananan kalmomin da ke mayar da amsa gatse



Shekara biyu da suka wuce, wata safiyar Asabar ina zaune a ɗakina a arewacin Ingila, sai ƙanena ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp. Shi ne ke kula da ginin da muke yi wa mahaifiyarmu a Kano, ni kuma nake aika kuɗi da zane, tunda aikina ke nan, injiniyan gine-gine ne ni. Hotunan na dekin falo ne da aka zuba kwana biyar kafin ranar. Ina dubawa na ga ƙarƙashinsa fayau, an kwashe katako da gorar da suka tokare shi. A ƙasan hotunan ya rubuta: "Yaya, kafinta ya ce yana bukatar kayansa a wani aikin, kuma ya ce kankaren ya bushe."

Ga amsar da na ba shi, ban canza ko harafi ba, domin har yau tana cikin wayata: "Ai na faɗa maka kwana 21. Ashe yanzu kai ne injiniyan. Wai kafinta na bukatar kayansa. To madalla, ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Ba komai, ku yi yadda kuka gani."

Ya amsa da cewa: "To, Yaya. Allah Ya huci zuciyarka." Daga ranar hotuna suka ragu, sannan suka tsaya. Idan na tambaya sai ya ce aiki na tafiya lafiya lau.

Bayan wata uku, da damina ta kankama, Hajiya ce ta gaya mini a waya cewa akwai danshi a rufin falo. Da na matsa sai ta bayyana cewa dekin ya ɗan lotsa a tsakiya, ya tsage daga ƙasa, ƙanena kuma ya sa an shafe tsagar da filasta bai faɗa mini ba. Na kira shi raina a ɓace ina tambayar dalilin ɓoyewar. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, wancan karon da na faɗa maka gaskiya ka ga abin da ka ce mini." Ni kuma abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ni me na ce?"

Wannan tambayar ce nake so mu tattauna a kanta, domin kusan kowannenmu ya taɓa fakewa da ita. A zahiri ban zage shi ba. Na yi masa madalla, na yi masa sannu, har da ranka ya daɗe. Da za a kai saƙon gaban alƙali, babu kalma guda da za a kama ni da ita. Duk da haka shi ya ji abin da ya ji, ni ma na san abin da na aika. Shin mutum yana da alhakin ma'anar da bai furta ba, alhali ya san za a ji ta? Kafin a amsa, sai an fara gano inda ma'anar take ɓuya, kuma a Hausa takan ɓuya ne a cikin kalmomin da suka fi kowace ƙanƙanta.

Mu fara da "ai". Idan na ce wa mutum "kankare yana bukatar kwana 21 kafin a cire masa tokari", na ba shi labari. Idan na ce "ai kankare yana bukatar kwana 21", labarin bai ƙaru da komai ba, amma na haɗa masa da hukunci a kansa: wannan abu sananne ne, ya kamata a ce ka san shi, rashin saninsa ko manta shi gazawarka ce. Aikin "ai" ke nan, tana nuna cewa abin da ke biye da ita tsohon zance ne tsakanin mai magana da mai sauraro. Shi ya sa take da daɗi idan ana lallashi, kamar a ce wa wanda ya zo ba da haƙuri "ai ya wuce". Amma idan ta zo a bakin amsar da ake ba wanda ya yi tambaya ko ya yi kuskure, sai ta zama raini. 'Yan'uwanta su ne "kowa ya san", "tun yaushe", "sau nawa zan faɗa", da "mana" idan aka liƙa ta a bayan umarni. "Duba zanen" umarni ne. "Duba zanen mana" yana nufin abin a gabanka yake, wautarka ce ta hana ka gani. Duk waɗannan suna ɗaga mai magana sama su ajiye mai sauraro a ƙasa, ba tare da sun ƙara masa sanin komai ba.

Sai "ashe" da "wai". Asalin "ashe" kalma ce ta wanda ya gano abin da bai sani ba: "Ashe ka dawo, ban ji ba." Tana da gaskiya matuƙar mamakin na gaske ne. Ni kuwa da na rubuta "ashe yanzu kai ne injiniyan", babu abin da na gano. Na yi kamar na gano abin da mu duka muka san ƙarya ne, don ƙaryar ta fito fili ta kunyata shi. Wannan shi ne ainihin gatse: a faɗi akasin abin da ake nufi, a bar wa mai sauraro aikin juya maganar ya soki kansa da ita. Alamar gane ta ita ce a tambayi kai, shin abin da ya biyo bayan "ashe" sabon labari ne a wurina? Idan ba sabo ba ne, to mamakin na wasan kwaikwayo ne.

"Wai" kuma tana ɗauko maganar wani ta riƙe ta nesa da jiki. Idan maganar wanda ba ya nan ce, ba laifi, hanya ce ta cewa ji na yi, ban tabbatar ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki maganar wanda ake zance da shi, aka sa mata "wai", aka mayar masa. Ƙanena ya ce kafinta na bukatar kayansa, ni kuma na maimaita masa kalmominsa da "wai" a gaba. Ban ƙaryata shi ba, ban kuma kawo hujja ba. Kwaikwayon bakinsa na yi a rubuce, irin wanda yara ke yi wa juna a filin wasa. Duk lokacin da ka ga kana maimaita wa mutum jimlarsa ba don neman tabbaci ba, to tsaya ka duba abin da kake shirin yi da ita.

Na uku shi ne yabo da girmamawa da aka ajiye a inda ba muhallinsu ba. "Madalla" ta abin da ya yi kyau ce, "sannu da ƙoƙari" ta wanda ya yi wahala mai amfani ce, "ranka ya daɗe" kuma daga ƙasa take tafiya zuwa sama. Ni yayansa ne, na girme shi da shekara takwas, ban taɓa ce masa ranka ya daɗe ba a rayuwata. Saboda haka da ya gan ta bai yi wata tantama ba, ya san cewa ake yi ya ɗauki kansa abin da bai kai ba. Haka abin yake da "malam", "yallaɓai", "shugaba", "farfesa" idan suka faɗo kwatsam a tsakiyar saɓani. Ma'aunin ba kalmar ba ne, canjin ne. Wanda kullum kake kiran sunansa, ranar da ka ce masa "yallaɓai" cikin gardama ka sanar da shi cewa ka ja da baya, kuma daga can nesa kake jifansa. Wannan nau'i ya fi sauran muni a wurina, domin kalmomin mutunci da addu'a ake ara a yi cin mutunci da su. Akwai ma masu yi da addu'a tsantsa, su ce "Allah Ya ƙara basira" ko "Allah Ya shirya" a wurin da kowa ya san ba roƙon Allah ake yi ba.

Na huɗu shi ne fushin da ya yi shigar haƙuri. "Ba komai." "Shi ke nan." "Ku yi yadda kuka gani." "Na gode" a inda ba a yi maka abin godiya ba. Waɗannan suna rufe ƙofar magana alhali matsalar tana nan a ciki. Mai faɗinsu yana so a san ransa ya ɓaci, amma ba ya so a ce ya faɗa, don kada a nemi ya bayyana abin da yake so. Dangin wannan shi ne gugar zana, wato a cire sunan wanda ake nufi a bar shi ya tsargu: "wasu mutane dai ba sa jin magana", ko "an ce a bari amma ba a ji ba". Ku lura kuma da yadda na koma daga "ka" zuwa "ku" a jimlar ƙarshe. Da harafi ɗaya na fitar da shi daga ɓangarena na haɗa shi da kafinta, suka zama su, na zama ni kaɗai mai gaskiya.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni kunya a matsayina na injiniya. Kankare ba bushewa yake yi ba kamar yadda kafintan ya zata. Ƙarfi yake tarawa sannu a hankali yayin da siminti ke haɗuwa da ruwa, shi ya sa ake yi masa ban ruwa. Ƙarfin da ake lissafi da shi a zane na kwana 28 ne, kuma a kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na wannan. Dekin da faɗinsa ya kai mita 4, idan aka bar shi ya ɗauki nauyin kansa a kwana na biyar, zai iya lotsawa, kuma lotsawar takan ci gaba da ƙaruwa a hankali cikin makonnin da ke biye. Abin da ya dace a yi a wannan safiyar a bayyane yake: a mayar da tokari nan take, a hana ɗora bulo ko yashi a sama, a ci gaba da ban ruwa, a duba ƙasan ko akwai tsaga. Na san wannan sarai. Amma ku koma ku karanta saƙona. Jimla biyar ne, kuma babu ko ɗaya da ta ce a mayar da tokari. Abu guda da ya yi kama da umarni a cikinsa shi ne "ku yi yadda kuka gani", shi kuwa suka yi. Daga baya sai da muka kira wani injiniya a can ya fasa filastar ya duba, aka ƙara bim a ƙarƙashin dekin, da kuɗin da ya ninka hayar katakon kafinta sau da yawa.

Daga nan na samo gwajin farko da nake amfani da shi yanzu, kuma mai sauƙi ne. Kafin in aika amsa cikin ɓacin rai, sai in cire kalmar da nake zargi in sake karantawa. Idan labari ko umarnin da ke cikin saƙon bai ragu ba, to kalmar ba aikin take yi wa hidima ba, a kan mutumin take magana. Da na yi wa saƙona wannan tankaɗe, da "kwana 21" kawai zai saura a rariya. Gwaji na biyu shi ne in ƙaddara ya tambaye ni, "Yaya, me kake nufi da wannan?" Idan zan iya ba shi amsa kai tsaye ba tare da na ji nauyi ba, kalmar ta tsira. Idan kuwa amsar gaskiya ita ce "ina nufin ba ka da wayo", ko kuma zan koma ga "ni me na ce", to na kama kaina. Na uku, nakan karanta saƙon da muryar da ta fi kowace kaushi, domin wanda ya yi kuskure yana tsoron faɗa da wannan muryar zai karanta shi.

Gwaji na ukun yana da dalili. Hausa a baki tana da abin da ke rakiyar waɗannan kalmomi: karin murya, murmushi, dafa kafaɗa. A rubuce duk wannan ya zube, kalmar ta isa ita kaɗai. Masu binciken halayyar ɗan Adam Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun wallafa wani nazari a 2005, inda suka sa mutane aika jimloli, wasu na gatse wasu na gaske. Masu aikawa ta imel sun zaci za a gane nufinsu kusan sau takwas cikin goma, amma abin da aka gane bai wuce rabi da kaɗan ba, kusan daidai da canki-canka. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a kansa yayin da yake rubutawa, sai ya manta cewa muryar ba ta bi saƙon ba. Mu da ke zaune a waje, mafi yawan zumuncinmu ya koma rubutu, saboda haka wannan ya fi shafarmu.

Akwai kuma wani abu da ya keɓance mu. Wanda ke waje sau da yawa shi ne mai aika kuɗi, shi ne mai digiri, shi ake jira ya yanke magana. Gatse daga sa'a zuwa sa'a ana iya ramawa a yi dariya a wuce. Gatse daga sama ba ya ramuwa. Ƙanena ba zai iya ce mini "ashe kai ma kana kuskure" ba, abin da ya rage masa kawai shi ne ya daina kawo mini labarin da zai jawo masa irin wannan amsa. Abin mamaki, a wurin aiki nan Ingila ina taka-tsantsan sosai. Na koyi kada in fara amsa da cewa abin a fili yake, kada in rubuta wa abokin aiki "kamar yadda na riga na faɗa a saƙona na baya", domin na san yadda ake jin su. Ladabin da nake yi wa bare a harshen da na koya, shi na hana ɗan'uwana a harshen da aka haife mu da shi.

To mu koma ga tambayar. Mai kare kansa zai ce ayyuka suna bin niyya, kuma shi bai yi niyyar zagi ba. Amma a gatse niyya ita ce ke kama mutum, domin ba a zaɓar "ashe" ko "ranka ya daɗe" bisa kuskure. An zaɓe su ne saboda suna yin abu biyu lokaci guda: su isar da sukar, su kuma bar wa mai suka ƙofar gudu. Wanda ya yi faɗa a fili ya ɗauki nauyin maganarsa, ana iya ba shi amsa ko a ba shi haƙuri. Mai gatse ya ɗora wa ɗan'uwansa nauyi biyu, ciwon maganar da kuma zargin cewa shi ne ya fassara ta ba daidai ba. Saboda haka a ganina mutum yana da alhakin ma'anar da ya san za a ji, daidai da wadda ya furta, kuma musun da ke biyo baya laifi ne na biyu, domin ƙarya ce. Addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibata juna da jifa da laƙabi. A aya ta 104 ta Suratul Baƙara kuma an hana muminai wata kalma da zahirinta neman kulawa ne, saboda wasu a Madina suna karkatar da ita zuwa cin fuska, aka umarce su da wata wadda ba ta da fuska biyu. Idan har mai kyakkyawar niyya an ce ya bar kalma saboda tana ɗaukar ma'ana biyu, ina ga wanda ya zaɓe ta don ma'anar ta biyun?

Sai dai kada a ɗauka cewa kalmomin su ne masu laifi. Hausar da aka cire wa "ai" da "dai" da "mana" ta zama lami. Muna kuma da wasan da aka gina shi a kan zolaya, tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. A can kowa ya san wasa ake yi, kowa yana da damar ramawa, kuma babu wanda ya zo da wata damuwa yana jiran mafita. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, wasan ya tashi daga wasa. Haka nan hannunka mai sanda yana da wurinsa, idan manufar ita ce a suturta mutum a gaban jama'a. Bambancinsa da gugar zana shi ne wanda ake karewa: shi yana kare mutuncin wanda ake yi wa magana, ita kuwa tana kare mai maganar.

Wannan awo kuma na mai rubutu ne a kan kansa. Idan kai ne aka aiko wa, hukuncin ya juya, sai ka kyautata zato. Hausar Kano da ta Kumasi da ta Damagaram ba sa ɗora wa waɗannan kalmomi nauyi ɗaya a kowane wuri, kuma yaranmu da suka tashi a nan sukan sa "wai" ko "mana" inda ba su san tana cizo ba. Idan saƙo ya yi maka kama da gatse, ka kira ka tambaya kafin ka rama.

Ni dai daga ƙarshe Hajiya ce ta ce mini, "Ka kira ƙaninka, kai ne babba." Na kira shi na karanta masa saƙon da bakina, na ce ga abin da nake nufi da kowace jimla, kuma ban kyauta ba. Na ce masa kuskuren cire tokari nasa ne da kafinta, ɓoye tsagar ma kuskure ne, amma ni na koya masa ɓoyewar. Ya ce ya wuce. Hotuna sun dawo, ko da yake na lura har yanzu idan labarin ba mai daɗi ba ne yakan fara da dogon bayani kafin ya kai ga maganar. Magana zarar bunu ce.

Da za a mayar da ni waccan safiyar, abin da zan rubuta shi ne: "Na gode da ka nuna mini. Kwana biyar ya yi kaɗan, akwai haɗari. Ka sa a mayar da tokarin yau, ko da sabon haya za mu biya, kada a ɗora komai a sama, a ci gaba da ban ruwa. Raina ya ɓaci da ba a tambaye ni ba kafin a cire, za mu yi maganar da yamma." Ɓacin ran yana nan a ciki, an kira shi da sunansa, kuma babu kalmar da zan yi musunta idan aka tambaye ni.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu da yatsunmu.